Wasiƙa biyu kan sito ɗaya: yadda wani malamin wasanni ya samo kuɗin sabunta kayan aikinsa

Makarantar da halin da ake ciki a watan Satumba

Makarantar ƙaramar sakandare ce ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, a wani gari na arewacin Najeriya. Azuzuwa tara ne, uku a kowane mataki, kowane aji kuma da ɗalibai kimanin 65, maza da mata. Malami ɗaya ne ke koyar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya, shi ne kuma ke riƙe da mabuɗin siton wasanni. A jadawali kowane aji yana da darasi biyu a mako, minti 40 kowanne: ɗaya a cikin aji, ɗaya a fili. Ni malami ne a makarantar, kuma ni nake rubuta bayanan zaman kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, don haka wasiƙun biyu duk sun bi ta hannuna.

Siton wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen ginin aji uku, rufin kwano, babu silin, da ƙaramar taga guda. A watan Afrilu in ka buɗe ƙofar, zafin da zai buso maka kamar na gidan burodi. Kayan suna zube a ƙasa ne tun kafin malamin ya zo makarantar. An miƙa masa mabuɗi da wani tsohon littafin kaya wanda shafinsa na ƙarshe ya ce akwai ƙwallon ƙafa 12, ƙwallon raga 4, katifun motsa jiki 6. Ba wanda ya ƙirga tare da shi ranar miƙawar, shi ma bai nemi a ƙirga ba.

Da aka dawo zangon farko, ƙwallon ƙafa biyu kaɗai ke riƙe iska har a gama darasi. Saura sai dai a hura da safe, kafin tara sun saki. Da waɗannan biyun yake fita da yara 65.

Wasiƙar farko: mako na biyu na Oktoba

Ya rubuta ta da Turanci, yadda aka saba a takardun ofis, shafi ɗaya. Fiye da rabin shafin bayani ne kan amfanin wasanni ga lafiyar yara da tarbiyyarsu. Sai a sakin layi na ƙarshe ya ce kayan wasannin makarantar sun tsufa, yawancinsu sun lalace, yana roƙon a ware naira 500,000 don sayen sababbi. Bai faɗi guda nawa suka lalace ba, bai faɗi me zai saya ba, bai faɗi inda ya samo wannan adadi ba. Daga baya ya gaya mini kintata kawai ya yi, ya kuma ɗan ɗaga, don ya ji ana cewa in ka nemi da yawa ko an rage za ka sami wani abu.

Ya kai ta kai tsaye ofishin shugaban makaranta, bai bi ta wajen mataimakin shugaba mai kula da gudanarwa ba, wanda duk wata takardar neman kuɗi kan fara bi ta teburinsa. A makon kuwa ana fama da rufin aji biyu da iskar ƙarshen damina ta yaye. Bayan kwana huɗu wasiƙar ta dawo cikin fayil, shugaban ya rubuta a kusurwarta da jan biro cewa ya gani, a ajiye zuwa lokacin da hali ya yi.

Malamin ya ɗauki wannan a matsayin ƙi. Ya ce mini a ɗakin malamai, "Ai dama wasanni ba a ɗauke shi darasi ba." Bai koma ya tambayi dalili ba.

Dabarun da ya gwada: Oktoba zuwa Nuwamba

Da albashin Oktoba ya shigo, ya sayi ƙwallo biyu a kasuwa daga aljihunsa, naira 6,000 kowacce, irin masu sheƙi ɗin nan da fatarsu siririya ce. Ba su kai mako uku ba. Ta farko tsidau ya huda ta, domin gefen filin da ke kusa da katanga cike yake da shi, kuma da ciyawa ta bushe ƙayarsa ta yi ƙarfi. Ta biyu yaro aka aika ya kai wa mai faci a bakin titi ya hura, tunda famfon makaranta ba shi da allura. Mai faci ya hura ta da injinsa har ta yi tauri kamar dutse. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce iskar da ke cikin ƙwallo ta tsaya tsakanin kimanin bar 0.6 da 1.1 a ma'aunin ƙarfin iska, tayar mota kuwa tana ɗaukar wajen ninki biyu na wannan iyakar. Washegari ɗinkin ya buɗe, robar ciki ta leƙo waje.

Sai ya yi tunanin yara su kawo naira 100 kowanne. Da lissafinsa za a tara kusan naira 58,000. Ya faɗa wa aji biyu, labari ya kai ofis a ranar, shugaban ya kira shi ya ce a tsayar nan take, a mayar wa duk wanda ya riga ya bayar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne a firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati, ta kuma mai da karɓar kuɗi daga ɗalibai laifi. Malami ba ya sa wa yara kuɗi da kansa, komai kyan niyyarsa. An mayar da abin da aka karɓa, amma abin ya ƙara sanyaya tsakaninsu.

Ya kuma aro ƙwallo uku daga wata ƙungiyar matasan unguwa da ke atisaye a filin makarantar da yamma. Wannan ya yi aiki mako biyu, har suka shiga gasa suka karɓi kayansu.

Abin da ya faru a fili: makon ƙarshe na Nuwamba

Ranar wata Laraba, ana tsakiyar darasin aji biyu, wani yaro ya yi tsalle ya kama ƙarfen saman ragar ƙwallon ƙafa ta gabashin fili yana lilo, abin da yara ke yi kullum. Ƙafar ƙarfen ta dama ta karye daga ƙasa, ragar ta karkato gaba ta tsaya a kan ƙafa ɗaya. Yaron ya sauka da ƙafafunsa, amma bakin ƙarfen ya karce masa dantse. Da aka buɗe akwatin taimakon gaggawa, babu komai sai almakashi da kwalbar da ta bushe. Aka kai shi asibitin sha-ka-tafi da ke kusa, aka wanke ciwon, aka yi masa allurar rigakafin tetanus.

Na je na duba wurin da rana. Daga sama ƙarfen yana da fentinsa fari, ba ka cewa da abin da ke damunsa. Inda ya shiga ƙasa ne ya cinye, ya zama kamar busasshen ganye, kana murzawa da yatsa yana zuba. Nan ruwan damina ke kwanciya, nan kuma ido ba ya kaiwa.

Shugaban ya sa aka kwantar da ragar ƙasa gaba ɗaya, aka hana wasa a wannan gefen. Da yamma ya kira malamin, ina zaune a ofishin ina haɗa takardun jarrabawa. Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na rubuto tun Oktoba." Shugaban ya jawo fayil ya buɗe wasiƙar a gabansa, ya ce, "Malam, nuna mini inda ka ambaci ƙarfen raga a nan." Babu. Ya ci gaba: "Kuma dubu ɗari biyar ɗin nan ba a aljihuna take ba. Ɗan abin da ke zuwa hannuna na alli ne da rajista da gyaran ƙofa. In kuɗi zai fito, daga asusun kwamiti zai fito, abin da iyaye da tsofaffin ɗalibai suka ba da gudummawa. Ni zan tsaya gabansu. In Alhaji ma'aji ya tambaye ni ƙwallo nawa, nawa-nawa, me zan ce masa? Rubuto mini abin da zan iya ɗauka in shiga da shi."

Ya kuma gaya masa ranar zaman kwamiti na gaba: Asabar ta mako na uku bayan an dawo zango na biyu.

Ƙidayar sito: makon jarrabawa, Disamba

Malamin ya nemi mataimakin shugaba ya tsaya a kan ƙidayar, tare da shugaban ɗalibai na wasanni. Wannan ne karo na farko da aka fito da komai na siton waje aka shimfiɗa a baranda.

Ƙwallon ƙafa tara aka samu, ba 12 ba. Uku sun ɓace tun ba a san lokaci ba, aka rubuta haka, mataimakin ya sa hannu, don kada gobe a ɗora wa malamin. Ya sayi allurar famfo, ya hura duka tara da yamma, ya rubuta wa kowacce lamba da alƙalamin da ba ya gogewa, ya bar su suka kwana. Da safe biyu suna nan daram. Sauran bakwai ya sake hura su yana tsoma su ɗaya bayan ɗaya cikin bokitin ruwa yana kallon inda kumfa ke fita. Uku daga bakin hurawa ko daga huda guda take fita, fatarsu kuma da sauran ƙarfi, waɗannan baduku zai iya farke ɗinki ya gyara ko ya canza robar ciki. Huɗu kuwa fatar ta tsattsage, wasu sun koma kamar ƙwai, gyaransu ɓarnar kuɗi ne. Ƙwallon raga huɗu, ɗaya ce mai rai. Ragarta ɓera ya cinye tsakiyarta. Katifu shida, huɗu sosonsu ya zama gari, gara kuma ta ci ƙasansu inda suka daɗe a kan siminti mai laima. Akwai sandunan tsallen sama guda biyu, amma babu katifar sauka.

Ragar yamma ma ya duba. Ya tone ƙasa kimanin santimita 10 a gindin kowace ƙafa, ya buga da guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ka ji ƙaran ya mutu, ɓawo yana zubowa. Ƙafa ɗaya ta fara, ba ta kai ga karyewa ba.

Kowane abu ya ɗauke shi hoto da wayarsa. A hutu ya shiga birni ya zagaya shaguna uku na kayan wasanni, kowanne ya sa aka rubuta masa farashi a takarda mai hatimin shagon. Ya kira mai walda ya zo har fili ya gani da idonsa kafin ya faɗi kuɗin aiki.

A hutun ne kuma ya yi lissafin da ya zama ƙashin bayan wasiƙar. Cikin minti 40 na darasi, fita fili da ɗumama jiki na cin minti 10, tattara kaya da komawa aji minti 5, saura 25. In kowane yaro zai ja ƙwallo ya je ya dawo cikin daƙiƙa 30, ƙwallo ɗaya tana ba da zagaye 50. Biyu suna ba da 100. A raba wa yara 65, kowa bai samu zagaye biyu cikakku ba, wato ƙasa da minti ɗaya ƙafarsa na kan ƙwallo a mako guda. Da ƙwallo takwas za a yi rukuni takwas na yara takwas-takwas, zagaye 400, kowa ya sami shida.

Wasiƙa ta biyu: makon farko na Janairu

Wannan karon ya bi ta wajen mataimakin shugaba, wanda ya rubuta a ƙasa cewa shi ya tsaya a kan ƙidayar kuma ya tabbatar. Ya yi ta kwafi biyu, ta Turanci don fayil, ta Hausa don 'yan kwamiti, domin da Hausa ake zaman kuma yawancinsu ita suke karantawa. Ga ta Hausar, na cire sunaye da adireshi:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina neman a amince da naira 340,000 don gyara da sabunta kayan darasin motsa jiki, a rukuni uku bisa gaggawarsu. Ina roƙon a gabatar da wannan a zaman kwamiti na wannan wata.

Rukuni na farko, abin da ke iya raunata yaro, naira 60,000. Ragar gabas ta karye a watan Nuwamba ta ji wa ɗalibi ciwo, ta yamma kuma tsatsa ta fara cin ƙafarta ɗaya. Yanke ƙafafun da suka ci, jona sabon ƙarfe, kafa su cikin siminti da fenti zai ci naira 48,000. Cika akwatin taimakon gaggawa, naira 12,000. Har sai an yi wannan, rabin fili a rufe yake.

Rukuni na biyu, abin da darasi ba ya yiwuwa sai da shi, naira 152,000. Ƙwallon ƙafa biyu ke aiki ga aji mai ɗalibai 65, kowane yaro yana taɓa ƙwallo ƙasa da minti ɗaya a darasi. Ina neman sababbi 6 a kan naira 16,000 kowacce, da gyaran 3 a kan naira 2,000 kowacce. Za su zama 11: takwas a fili, uku a ajiye. Ƙwallon raga 2 a kan naira 14,000 kowacce, da raga ɗaya naira 15,000, domin 'yan aji ɗaya suna da ƙwallon raga a tsarin darasi daga mako na biyar na wannan zango. Famfo biyu da allurai, naira 7,000.

Rukuni na uku, abin da zai iya jira zuwa zango na gaba, naira 128,000: katifun motsa jiki 4 a kan naira 30,000 kowacce, da agogon auna gudu naira 8,000.

Ban nemi kuɗin sandunan tseren miƙa sanda da alamomin fili ba. Na yanka sandunan daga ragowar bututun roba, santimita 30 kowanne, alamomi kuma gorunan ruwa ne da muka cika da yashi. Ban nemi katifar tsallen sama ba, domin kuɗinta ya fi ƙarfin wannan buƙata.

In an amince, zan sayo tare da wanda kwamiti ya wakilta, in kawo rasit cikin mako guda. Kowane kaya zai sami lamba a sabon littafin sito, za a riƙa ƙirgawa ƙarshen kowane zango a gaban mataimakin shugaba. Na haɗa takardar ƙidaya, hotuna tara, da farashin shaguna uku. Na gode."

Shafi ɗaya ce da 'yan layuka. Farashin da ya sa na ƙwallon ƙafa ba shi ne mafi araha cikin ukun ba, na tsakiya ne. A takardar farashin ya rubuta dalili da hannu: mai arahar irin wadda ya saya ce a Oktoba, ga kuma abin da ya same ta. Ya zaɓi lamba 5, girman da doka ta sa tsakanin santimita 68 da 70 a kewaye, mai ɗinkin hannu da fata mai kauri, saboda filin tsakuwa ne da ƙaya.

Zaman kwamiti: Asabar, mako na uku na Janairu

Shugaban ya sa maganar ta zama ta uku a ajanda, bayan rijiyar burtsatse da kujeru. Shi ya karanta wasiƙar da bakinsa, ya miƙa hotunan suka zagaya. Malamin yana zaune a bayan ɗaki, an ce ya zo ko da tambaya.

Ba a yi gardama kan rukuni na farko ba. Mahaifin yaron da ya ji ciwo ba ɗan kwamiti ba ne, amma kowa a garin ya ji labarin. Wakilin masu sana'a, wanda shi ma maƙeri ne, ya duba hoton gindin ƙarfen ya ce kuɗin aikin daidai ne, ya ƙara da cewa a ɗaga simintin ya ɗan fi ƙasa tudu, a karkata shi, don ruwa ya riƙa gangarewa maimakon ya kwanta a jikin ƙarfe.

A rukuni na biyu aka daɗe. Ma'aji ya ce, "Malam, ƙwallo shida a lokaci guda? Mu da muka yi makaranta da guda ɗaya?" Malamin ya miƙe ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wasa daban, darasi daban. A wasa mutum ashirin da biyu na bin ƙwallo ɗaya. A darasi kowane yaro sai ya koyi tsayar da ita da miƙa ta da ƙafarsa, kuma mu sittin da biyar ne." Ya maimaita lissafin minti ɗaya. Wakiliyar mata ta tambayi ko 'yan mata na cikin masu amfana, ko kuwa kuɗin duk na maza ne. Ya ce ƙwallon raga 'yan mata suka fi shiga, kuma tun da ragar ta lalace zaune suke a gindin darbejiya har a tashi. Ta ce to ita kam ta goyi baya.

Tambaya mafi nauyi ta zo daga wakilin mai unguwa: ukun da suka ɓace fa, me zai hana waɗannan su bi su? Nan shugaban ya amsa da kansa, ya nuna sakin layi na ƙarshe na wasiƙar, ya ce ƙungiyar matasan da ke amfani da filin da yamma ba za a ba su kayan makaranta ba sai da sa hannu a littafi.

Aka amince da rukuni na farko da na biyu, naira 212,000. Na uku aka ce a dawo da shi wani zama.

Sayayya da abin da ya ɓaci: Janairu zuwa Fabrairu

Naira 60,000 ta fito cikin mako guda, aka yi aikin raga cikin kwana uku, aka bar simintin ya sha ruwa mako ɗaya kafin a bar yara su kusance shi. Ragowar kuɗin sai tsakiyar Fabrairu, domin ɗaya daga cikin masu sa hannu a asusun ya yi tafiya.

Takardun farashin na Disamba ne. Da malamin da wakilin kwamiti suka isa shagon, ƙwallon ta koma naira 18,000. Shida za su ci 108,000, abin da aka ware 96,000 ne. Daga shagon suka kira shugaban a waya, ya ce a sayi biyar, kada a koma kan mai araha. Naira 6,000 da ta rage aka nemi izini a rubuce aka sa kafinta ya kafa katako biyu a bangon sito, don kaya su bar ƙasa. Darasin ƙwallon raga kuma da aka tsara daga mako na biyar bai fara ba sai mako na bakwai.

Cikin ukun da baduku ya gyara, ɗaya ta sake saki bayan kwana goma. Aka tashi da tara maimakon 11: takwas a fili, ɗaya a ajiye.

Kafin a fito da sababbin, malamin ya ɗauki darasi guda na kowane aji suka bi gefen katanga da fartanya da tsintsiya suka kwashe tsidau suka ƙone. Ya hana kai ƙwallo wajen mai faci. Yana jiƙa allura kafin ya soka ta, don kada ta yaga bakin hurawa, kuma ranar Juma'a yana rage wa ƙwallayen iska kaɗan kafin ya rufe su cikin zafin siton.

Inda aka tsaya: ƙidayar Yuli

A ƙarshen zango na uku aka sake shimfiɗa kaya a baranda a gaban mataimakin shugaba. Ƙwallon ƙafa takwas ke riƙe iska: sababbin biyar duka, biyu na gyara, ɗaya daga tsofaffin. Babu wadda ta ɓace. Ƙwallon raga uku da ragarsu suna nan. Ragogin ƙwallon ƙafa biyun sun ga ruwan farkon damina, gindinsu a bushe.

Katifun ba a saye su ba. A zaman watan Mayu rijiyar burtsatse ta sake lalacewa ta cinye abin da ke asusu. Da katifu biyu ake koyar da mirgina, yara suna bin layi kamar yadda suke yi wa ƙwallo a da. Tsallen sama kuwa yana koyar da salon almakashi ne kawai, a ƙaramin tsayi, ana sauka da ƙafa cikin ramin yashi. Salon da ake juya baya a faɗa a kan gadon baya, wanda Dick Fosbury ya ci zinare da shi a gasar Olamfik ta 1968, a allo kawai yake zana shi, ya kuma gargaɗi yara kada wanda ya gwada shi a kan yashi, don wuya da ƙashin baya ne ke karɓar faɗuwar.

Abin da na gani a cikin lamarin

Mai sauƙi ne a ce raunin yaron ne ya fito da kuɗin. Ya taimaka, amma iyakarsa naira 60,000 ta rukuni na farko, wadda ko babu wasiƙa da an nemo ta. Naira 152,000 ta ƙwallaye ba ta da alaƙa da hatsarin, kuma a kanta aka yi gardama. Abin da ya ci gardamar shi ne kowace tambaya da aka yi a zauren amsarta tana cikin takardar: guda nawa, nawa-nawa, don me shida, wa zai tsare su.

Kuskuren wasiƙar farko, a ganina, rashin sanin mai karatunta ne. An rubuta ta kamar shugaban ne mai kuɗin kuma yana buƙatar a gamsar da shi cewa wasanni na da amfani. Shi kuwa bai taɓa musun haka ba. Mai ɗaukar saƙo ne zuwa wurin mutanen da za su tambaye shi, kuma ba zai shiga gabansu da adadin da ba zai iya karewa ba. Ɗaga kuɗin da aka yi don a rage ma cutarwa ya yi, domin adadi guda dunƙulalle ko a ba da shi duka ko a ajiye shi. Da aka raba shi uku, kwamiti ya sami inda zai ce e ba tare da ya zubar da duk asusunsa ba. Rabawar tana da nata farashin: duk abin da ka rubuta da hannunka cewa zai iya jira, to zai jira, ga katifun nan har yau.

Shugaban ma yana da nasa laifin. Da a Oktoba ya kira malamin ya faɗa masa abin da ya faɗa a Nuwamba, maimakon layi ɗaya da jan biro, da an yi ƙidayar tun kafin ƙarfen ya karye, wataƙila da an tone gindinsa an gani. Malamin kuma da ya karɓi mabuɗi ba tare da ƙirga ba, ya yi shekara yana koyarwa a filin da bai taɓa duba ƙafar ragarsa ba.

Abu biyu suka rage a wasiƙa ta biyu. Ba ta faɗi ranar da farashin zai daina aiki ba, ba ta kuma bar ɗan rara don tashin kaya ba, wannan ya ci ƙwallo guda. Sannan ta nemi kuɗin sau ɗaya ne, alhali ƙwallo abu ne mai ƙarewa kamar alli. A wasiƙar da ya miƙa tare da ƙidayar Yuli ya gyara duka biyun: ya maimaita katifu huɗu da sabon farashi da ranar da aka karɓo shi, ya kuma roƙi a riƙa ware kuɗin ƙwallo biyu a farkon kowace shekarar karatu. An sa ta a ajandar zaman Oktoba.